Abin da ya sa termosta ba ta kunnawa da kashewa a digiri ɗaya

A watan Afrilu wata Hajiya mai sayar da zoɓo da lemun hari da ruwan leda a nan Tawa ta aiko a kira ni. Tana da kwanjilata mai cin lita 300 wadda aka mayar firigon lemo, wato an liƙa mata ƙaramar na'urar nan mai allon lambobi, STC-1000, don kada kaya su daskare. Da na shiga ta ce mini: "Ɗana, duk lokacin ɗari lafiya lau take. Yanzu sai ta yi gunji, ta yi ƙas, ta yi shiru. An ce mini motar ce ta mutu." Na zauna gefen kwanjilatar da agogo a hannu na kusan awa guda ban kwance ko ƙusa ɗaya ba. Kwamfuresar, wadda mu a nan muke kira mota, lafiyarta ƙalau. Lamba guda ce a cikin na'urar take neman hallaka ta, kuma wannan lambar ce nake son mu duba da kyau, domin na sha ganin an canza kwamfuresa mai tsada saboda ita.

Kwamfuresar firigo irin wadda ta cika gidajenmu ba ta da tsaka-tsaki. Ko dai tana aiki da dukan ƙarfinta, ko tana tsaye. Termosta kuwa makunni ne kawai mai jin zafi da sanyi. Mutum zai ɗauka aikinta mai sauƙi ne: muna son digiri 4, to in ya haura 4 a kunna, in ya sauka ƙasa da 4 a kashe. Amma a gwada bin wannan umurni yadda yake. Zafi ya kai 4.1, an kunna. Cikin ƴan sakan ya koma 3.9, an kashe. Zafin waje yana ta shiga ta bango da bakin murfi, nan da nan ya koma 4.1, an sake kunnawa. Ga shi kuma ma'aunin da kansa ba ya tsayawa cik, lambarsa ta ƙarshe takan yi rawa ko da babu abin da ya canza, kuma iskar da ta motsa sa'ad da aka ɗaga murfi ta isa ta girgiza shi. Makunnin da ke da iyaka guda ɗaya zai yi ta kaɗawa a bakin iyakar nan kamar ƙyauren da iska ke bugawa.

Dabarar da ke magance wannan, kowace uwargida mai randa ta san ta. Ba ta kiran mai ga-ruwa duk sa'ad da yaro ya ɗebi moɗa ɗaya. Takan bari ruwa ya sauka zuwa wani wuri da ta sani, sannan ta kira, kuma in ya zo ba ya tsayawa sai randa ta cika. Iyakokinta biyu ne, ta kira da ta tsayawa. Haka termosta take: tana da digirin da take kunnawa, a sama, da digirin da take kashewa, a ƙasa. Faɗin da ke tsakaninsu shi ne tazara, abin da masu gyaran firigo a Nijar suka fi sani da diferansiyel. A littattafan injiniya ana kiran wannan fili dedban, ma'ana yankin da ma'auni ke motsi amma makunni bai ce uffan ba.

Akwai abu na biyu da ya fi tazarar kanta zurfi. Idan ka tarar da randa a rabi, ba za ka iya cewa ana cika ta ko ana ɗiba ba sai ka san daga ina ruwan ya taho. Haka nan, in an sa termosta ta kashe a digiri 3 ta kunna a digiri 6, sai ka ga allo yana nuna 4.5, wannan lambar kaɗai ba ta gaya maka ko kwamfuresa na aiki. In daga 6 ake saukowa, tana aiki kuma za ta ci gaba. In daga 3 ake hawa, tana tsaye kuma za ta ci gaba da tsayuwa. Makunnin yana riƙe da halin da yake ciki har sai an kai ɗaya iyakar. Wannan riƙo shi ne histeresis, kalmar da ta samo asali daga harshen Girka mai ma'anar zuwa daga baya, wadda masanin kimiyya ɗan Sikotlan James Alfred Ewing ya sa wa irin wannan hali a ƙarshen ƙarni na 19 lokacin da yake nazarin maganaɗisu. A bakin ma'aikata kalmomin biyu sukan cakuɗe, kuma a firigo babu wata asara a cakuɗa su. Inda bambancin ke fitowa sarai shi ne na'urar da ke iya ɗumamawa da sanyayawa duka, kamar ita STC-1000 ɗin, inda ake barin fili a tsakiya don kada mai zafi da mai sanyi su yi ta kokawa da juna.

To me ya sa kwamfuresa ba ta jure yawan kunnawa? Ai ƙwan lantarki ana kunna shi a kashe ba ya cewa komai. Dalilin farko matsin gas ne. Sa'ad da kwamfuresa ke aiki tana zuƙo gas daga bututun sanyi, inda matsi yake ƙasa, tana tura shi cikin kwandansa, bututun nan mai zafi na baya ko na cikin bango, inda matsi yake sama. A injin da ke amfani da gas ɗin R134a, ɓangaren sanyi yakan kasance wajen bar 1 zuwa 2, shi kuwa ɓangaren zafi, in kwandansa ta kai digiri 55, matsinsa ya kusa bar 15. Kuma digiri 55 ba abin mamaki ba ne a ɗakin kwano a Tawa lokacin bazara, tunda kwandansa dole ta fi iskar ɗakin zafi kafin ta iya zubar da nata. Da an kashe, wannan bambancin matsi ba ya ɓacewa nan take. Hanya ɗaya ce tsakanin ɓangarorin biyu, siririn bututun nan kafila wanda raminsa bai kai milimita ɗaya ba, kuma gas yana bukatar ƴan mintoci kafin ya tsiyaye ta cikinsa matsin ya daidaita. Motar da ke cikin ƙananan kwamfuresoshi an ƙera ta ne da zaton za ta tashi bayan matsi ya daidaita, don haka ƙarfin tashinta kaɗan ne. A ba ta wuta bayan minti ɗaya, fistan zai tarar da bango a gabansa, ya kasa motsi.

Dalili na biyu yana cikin ƙaramin baƙin akwatin da ke maƙale a gefen kwamfuresa. Motar tana da bobin biyu, na aiki da na tayarwa. Na tayarwa ana ba shi wuta na kamar sakan ɗaya ne kawai, sannan a yanke. A yawancin firigo na yanzu abin da ke yankewar wani ɗan faifai ne mai kama da ƙwayar magani, ana kiran sa PTC. In yana da sanyi wuta na ratsa shi, da ta ratsa sai ya yi zafi ya toshe hanya, kuma yana zama da zafinsa muddin kwamfuresa na aiki. Bayan an kashe, yana son minti uku zuwa biyar kafin ya huce. In aka kunna kafin nan, bobin tayarwa ba ya samun wuta ko kaɗan. Ke nan matsaloli biyu sun haɗu a lokaci guda: kaya ya yi nauyi, mai taimakon ɗaukar kayan kuma bai farfaɗo ba.

Motar da aka ba wuta ta kasa juyawa tana jan wuta ninki biyar ko fiye na abin da take ja in tana gudu. Kwamfuresar da ke cin amfiya 1 a aiki sai ta ja 6 ko 8, kuma duk wannan zafi ne ke taruwa cikin wayar bobin. Shi ne gunjin da Hajiya ke ji. Bayan ƴan sakan mai tsaron motar, kilikson, ya yi zafi ya yanke wuta, shi ne ƙas ɗin. Kilikson yana ceton motar a ranar, amma ba a yi shi don ya yi wannan aiki sau ɗaruruwa a mako ba, kuma kowane gunji yana cin wani abu daga fentin da ke rufe wayar bobin, har ranar da wayoyi biyu za su taɓa juna. Ƙari a kan haka, ƙarfin juyawar mota yana bin ƙarfin wuta ninki cikin ninki: in wuta ta sauka daga bolt 220 zuwa 180, kamar yadda kan faru da yamma in kowa ya kunna fanka da kilima, ƙarfin tashi ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Ko da kwamfuresa ta samu ta tashi, gajeren gudu yana da tasa illar. A kowane tashi wani ɓangare na man da ke cikinta yana bin gas ya fita, kuma sai an yi gudu mai ɗan tsawo yake zagayowa ya dawo. Sannan mintin farko na kowane tashi yana tafiya ne wajen sake gina bambancin matsin da ya rushe, sanyin da ake samu a cikinsa kaɗan ne. Mai firigo yana biyan kuɗin wutar wannan mintin sau nawa aka tashi.

Mu koma wurin Hajiya. STC-1000 tana da saiti huɗu. F1 shi ne digirin da ake so, F2 tazara, F3 jinkirin kwamfuresa a mintoci, F4 gyaran ma'auni. Tana kunna sanyi in zafi ya kai F1 da F2 a haɗe, ta kashe in ya dawo F1. Abin da na tarar ke nan:

```
F1 = 4.0
F2 = 0.5
F3 = 1
```

Wato ta kashe a 4, ta kunna a 4.5. Yaron da ya haɗa mata ya bar tazarar a rabin digiri don a tunaninsa ƙaramar tazara ita ce aiki mai kyau, ya kuma sauke jinkirin zuwa minti ɗaya, mafi ƙanƙantar da na'urar ke yarda da shi, don ya ga fitilar sanyi tana ƙyaftawa kwamfuresa ba ta tashi ba, ya zaci matsala ce. Ƙyaftawar nan kuwa alama ce cewa na'urar na ƙirga jinkiri.

Na buɗe tazarar na ɗan lokaci don in auna gudu biyu. In kwamfuresa na tsaye, iskar ciki tana hawa digiri ɗaya cikin minti 2. In tana aiki, tana sauka digiri ɗaya cikin minti 4. Lissafin daga nan ba shi da wuya: tsawon hutu shi ne tazara sau mintocin da ake ɗauka a hau digiri ɗaya, tsawon aiki kuma tazara sau mintocin sauka. Da rabin digiri, hutu minti 1 ne, aiki minti 2, zagaye ɗaya minti 3. Tashi 20 ke nan a awa, 480 a kwana guda, da a ce kowane tashi yana yiwuwa. Kuma kowannensu yana zuwa ne bayan hutun minti ɗaya kacal.

Sai tambayar da ta fi ɗaukar hankalina: me ya sa a lokacin ɗari ba a ji komai ba? A watan Janairu zafin da ke shiga kwanjilatar kaɗan ne, saboda haka gudun biyu suna musanya wuri. A ƙiyasina hawa digiri ɗaya zai ɗauki kamar minti 4, sauka kuma minti 2. Zagayen dai minti 3 ne, tashin dai 20 ne a awa, amma hutun ya zama minti 2, kuma kwandansa ba ta da zafi sosai, matsin da za a jira ya sauka bai kai na bazara ba. Kwamfuresar tana tsallake rijiya da baya ne a kowane tashi ba wanda ya sani. Da Afrilu ya zo, hutun ya ragu da rabi daidai lokacin da matsin ya fi kowane lokaci yawa, wutar gari kuma ta fi rauni. Shi ya sa nake ganin ƙirga yawan tashi a awa kaɗai bai isa ba a ƙasarmu. Abin da ya kamata a auna shi ne tsawon hutu a rana mafi zafi, da kaya masu ɗumi a ciki, ana ta ɗaga murfi. Tazarar da aka zaɓa a Disamba ba ta ba da shaidar komai game da Mayu.

Daga nan ake juyo da lissafin. Ina son hutu na aƙalla minti 5. Iska na hawa rabin digiri a minti. To tazarar da ake bukata digiri 2.5 ce, na mayar da ita 3 don a samu rara:

```
F1 = 3.0
F2 = 3.0
F3 = 5
```

Yanzu tana kashewa a 3, ta kunna a 6. Hutu minti 6, aiki minti 12, zagaye minti 18, wajen tashi 80 a kwana maimakon 480. Abin lura, rabon aiki da hutu bai canza ba: da can kashi biyu cikin uku na lokaci take aiki, yanzu ma haka. Tazara ba ta ƙara wa kwamfuresa aiki kuma ba ta rage mata, tana tattara aikin ne ya zama dogayen gudu da dogayen hutu. Na sauke F1 daga 4 zuwa 3 don matsakaicin sanyin ya tsaya wajen 4.5, kusa da inda yake a da. Wanda ya faɗaɗa F2 ya manta da F1 zai tarar da lemonsa ya ɗan yi ɗumi, domin a wannan na'urar duk tazarar a sama ake ɗora ta.

Hajiya ta kalli allo yana yawo tsakanin 3 da 6 ta ce: "To ai zoɓon nawa zai riƙa ɗumi yana sanyi." Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin nauyin abubuwa. Duk iskar da ke cikin kwanjilata mai lita 300 ba ta kai rabin kilo ba. Gorar ruwa ɗaya mai lita ɗaya da rabi tana bukatar zafin da ya ninka na dukan iskar nan fiye da sau goma sha biyar kafin ta hau digiri ɗaya. Iska ce ke kai da komo, su gorunan da ƙyar suke jin abin da ake ciki a cikin minti 18. Ma'aunin yana rataye a iska ne, don haka rawar da yake nunawa ta fi ta kayan girma nesa ba kusa ba.

Wannan ya kawo maganar inda ake ajiye kan ma'aunin, sondi, domin wurinsa yana canza ma'anar lambar F2 gaba ɗaya. In aka manna shi da bangon kwanjilata, inda bututun sanyi ke bi, zai ga sanyi ya faɗo cikin sakanni ya kuma tashi da sauri, tazarar digiri 3 ta zama kamar ba komai. In aka tsoma shi cikin gorar ruwa, akasin haka ne: ruwan yana jinkirin amsawa, kafin ya sauka digiri 3 kwamfuresa ta daɗe tana gudu, bango ya yi sanyi ƙwarai, ledojin da ke jingine da shi sun zama ƙanƙara. A nan ne ƙaramar tazara, kamar digiri 1, take da ma'ana, don nauyin ruwan ya riga ya ba da jinkirin. Ni na fi son a rataye shi a iska a tsakiyar tsayin akwatin, nesa da bango da murfi. Ko a hakan za a ga bayan an kashe allo ya ƙara sauka kaɗan ƙasa da F1, domin bangon yana riƙe da sanyi. Ba lalacewa ba ce, amma tana nufin ainihin rawar ta ɗan fi abin da aka rubuta faɗi, kuma dole a sa ta a lissafi in F1 ya matso kusa da sifiri.

Tsohuwar termosta ta ƙarfe mai abin murɗawa tana yin duk wannan ba tare da allo ba. Siririn bututunta yana ɗauke da gas wanda ke kumbura da zafi ya tura wani ɗan zugazugi mai naɗi, shi kuma ya tura sifirin, wato ƙarfen nan mai lanƙwasuwa ya dawo. An ƙera sifirin ɗin ya riƙa tsalle ne: yana tirjewa har turin ya kai wani matsayi sannan ya faɗa ɗaya gefen gaba ɗaya, kuma ba ya dawowa sai turin ya ragu sosai. A cikin tirjiyar nan histeresis ɗinta yake. Tsallen kuma yana kare bakin makunnin, domin ƙarafan da ke rabuwa a hankali suna tartsatsi su ƙone. A firigon gida da yawa bututun yana manne ne da farantin sanyi, shi ya sa tazararta ke da faɗi ƙwarai. Irin su Ranco K59 suna kunnawa ne a wuri guda koyaushe, ƴan digiri sama da sifiri, don ƙanƙarar farantin ta narke a kowane hutu, abin murɗawar kuma digirin kashewa kawai yake matsarwa. Na sha ganin masu gyara suna taɓa ƙananan ƙusoshin saitin da ke jikinta da ka, ba ma'auni. Kuskure ne babba, gara a sayi sabuwa mai lambar da ta dace.

Akwai abin da tazara ba ta iya karewa, kuma shi ne dalilin da ya sa na ɗaga F3 zuwa 5. In wuta ta ɗauke ta dawo cikin sakan goma kwamfuresa na tsakiyar aiki, termosta ba ta san komai ba, a wurinta har yanzu ana bukatar sanyi, sai ta miƙa wutar kai tsaye ga motar da ke fuskantar cikakken matsi da PTC mai zafi. Haka ma in an juya daga wutar gari zuwa janareta. Jinkiri ne kaɗai ke tare wannan, don shi lokaci yake ƙirgawa. Firigo mai termosta ta ƙarfe ba shi da wannan kariya sai an sa masa akwatin jinkiri a soket, ko a zare filogi a jira minti biyar. Sai dai bai kamata jinkirin ya zama shi ke tuƙa zagayen yau da kullum ba. In kullum fitilar na ƙyaftawa kafin kowane tashi, alama ce tazarar ta yi kaɗan.

Wanda yake son bambance matsalar tazara da ta kwamfuresa, kunne da agogo sun ishe shi farawa. In motar ta tashi sumul, ta yi gudu na minti ɗaya ko biyu, ta tsaya tare da mutuwar fitilar na'urar, termosta ce ke kashe ta, a duba tazara da wurin sondi. In kuwa gunji ne na ƴan sakan, sai ƙas, alhali fitilar na kunne, motar ce ta kasa tashi. A zare filogi minti goma a sake gwadawa. Ta tashi lafiya, to hutu ne bai ishe ta ba. Ta sake gunji bayan dogon hutu, sai a koma ga ƙarfin wuta, da PTC wanda in ya farfashe ana jin sa yana kaɗawa in an girgiza, sannan daga ƙarshe bobin. Ta Hajiya ta tashi a gwajin farko bayan minti goma. Na canza mata PTC ɗin duk da haka don ya riga ya yi baƙi a gefe, na sa aka janye kwanjilatar taki ɗaya daga bango, na kuma ce kada a zuba zoɓo a ciki sai ya huce.